Amsar wasiƙarka kan zargin sakaci da madogara: abin da ya faru da kundinka da yadda za ka gyara shi

Assalamu alaikum, ɗalibina.

Na karanta wasiƙarka, na kuma sake karanta babi na biyu da na uku na kundinka a kan sana'ar rini a Kano, tare da rahoton mai jarrabawa. Ka ce ba ka saci aikin kowa ba, tunda ka ambaci sunayen marubuta a wurare da yawa. Na yarda ba ka yi niyyar sata ba, shi ya sa abin da aka rubuta a kanka shi ne sakaci da madogara. Sai dai kwamiti takarda yake dubawa, ba ya ganin zuciya, kuma abin da ke kan takardarka a yanzu ba zai wuce ba. Matsalar guda ɗaya ce, ta bayyana ta fuskoki daban-daban: mai karatu ba ya iya gane inda maganarka ta tsaya da inda maganar wani ta fara, kuma idan ya bi sunan da ka ba shi ba ya isa ga shafin da maganar take. Ka yi karatun hadisi a Islamiyya, ka san matsayin ruwayar da isnadinta ya yanke. Madogara a kundi ita ce isnadin jimlarka.

Bari mu fara kawar da maganar kashi 38 cikin ɗari da Turnitin ya nuna, domin na ga ita ta fi tayar maka da hankali. Wannan manhaja kamanni kawai take aunawa, wato jerin kalmomin da suka yi daidai da wani rubutu da ke rumbunta. Ba ta san wanda aka ambata da wanda ba a ambata ba. Da na buɗe rahoton na cire jerin manazarta da zantukan da ke cikin alamar zance, ta hanyar zaɓar Exclude bibliography da Exclude quotes, adadin ya sauko sosai. Amma kada ka yi murna da wannan. Kuskuren da ya fi nauyi a kundinka manhajar ba ta ma gan shi ba, saboda daga Turanci ka fassaro shi zuwa Hausa. Mai jarrabawa ne ya gane shi da idonsa, don ya san littafin.

Kuskure na farko: ka ambaci suna, ka bar alamar zance

A shafi na 14 akwai sakin layi mai layi shida da ya yi bayanin yadda ake haɗa ruwan baba a karofi. Kalma da kalma aka ɗauko shi daga wani kundin digiri na biyu. A ƙarshensa ka sa sunan mai kundin da shekara a cikin baka biyu, shi ke nan. A ganinka ka sauke nauyi. Ga abin da ka faɗa wa mai karatu da wannan tsari: ra'ayin na wancan ne, amma kalmomin nawa ne. Alhali kalmomin ma nasa ne. Sunan da ke cikin baka biyu yana nuna mai ra'ayi, alamar zance kuma ita ke nuna mai kalmomi. Idan ka ɗauko duka biyun, dole alamomin biyu su bayyana, a ƙara da lambar shafi.

Sashenmu tsarin rubuta madogara na APA yake bi, bugu na bakwai, wanda ya fito a ƙarshen 2019. Ƙa'idarsa a nan mai sauƙi ce. Zancen da bai kai kalma 40 ba ana barin sa a cikin jimlarka, a kewaye shi da alamar zance, a biyo da suna da shekara da shafi. Wanda ya kai kalma 40 ko ya wuce ana ware shi a nasa layin, a tura shi ciki da santimita 1.27 daga gefen hagu, ba a sa masa alamar zance, kuma madogarar tana zuwa bayan ayar ƙarshe. Sakin layinka na shafi na 14 ya haura kalma 70, don haka idan za ka bar shi, a ware za ka sa shi.

Shawarata kada ka bar shi. Ana ɗauko zance kai tsaye ne idan kalmomin kansu suna da daraja: ma'anar da wani masani ya ba wata kalma, baitin waƙa, kirari, ko maganar da za ka yi jayayya da ita. Bayanin yadda ake jiƙa baba da toka ba ya cikin waɗannan. Kai da ka je karofi ka gani da idonka ka fi cancanta ka faɗe shi da bakinka.

Kuskure na biyu: sauya kalmomi, da fassarar da ba a bayyana ba

Wannan shi ne babba, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu. Zan ƙirƙiri jimla don misali, mu ɗauka wani marubuci da za mu kira Wane ne ya rubuta ta a shafi na 42 na littafinsa na 2015:

"Marini yana tsoma tufa a cikin ruwan baba sau da yawa, yana fito da ita ta sha iska a tsakani, domin iskar ce ke mayar da launinta daga kore zuwa shuɗi."

Ga irin abin da ka riƙa yi a babi na biyu: "Mai rini yakan saka yadi a ruwan shuni sau da dama, yakan ciro shi ya sha iska a tsakani, saboda iskar ce ke canza kalarsa daga tsanwa zuwa bula." Dubi abin da ya faru. An cire tsoma an sa saka, an cire tufa an sa yadi, an cire kore an sa tsanwa, amma ginin jimlar da jerin tunanin na Wane ne tun daga farko har ƙarshe. Ko ka sa sunansa a ƙarshe, wannan kwafi ne da aka yi wa kwaskwarima, kuma duk malamin da ya san asalin zai gane shi nan take.

Ga yadda zai kasance idan ka fahimci maganar sannan ka faɗe ta don amfanin hujjarka: "Shuɗin ba a cikin rijiyar rini yake kamawa ba. Kamar yadda Wane (2015, sh. 42) ya bayyana, sai tufar ta haɗu da iska launin yake juyawa, shi ya sa aikin yake cin lokaci: kowane tsomi yana buƙatar jira kafin na gaba. Wannan ne ya sa marinan da na tattauna da su suke sa wa turkuɗi farashi fiye da rinin da bai yi duhu ba." A nan an fara daga wani wuri daban, an nuna daidai inda maganar Wane ta shigo, sannan jimla ta ƙarshe taka ce, daga aikin da ka yi a fili. Mai karatu yana ganin iyakar kowa.

Hanyar kaiwa ga wannan ita ce ka karanta wurin sau biyu ko uku, ka rufe littafin, ka faɗa wa kanka da baki abin da marubucin yake nufi kamar kana yi wa ƙaninka bayani, sannan ka rubuta. Bayan ka rubuta sai ka buɗe ka gwada. Idan ka tarar da kalma biyar ko shida a jere sun yi daidai da nasa, ko jimlolinka suna bin nasa ɗaya bayan ɗaya, ka sake. Idan kuma ka kasa faɗa bayan ka rufe littafin, alama ce ba ka gane wurin ba tukuna, kuma babu dabarar rubutu da za ta maye gurbin komawa ka karanta.

Sai maganar fassara. Shafi na 19 zuwa na 21, inda ka yi bayanin cinikin tufafin Kano zuwa arewa ta hamada, fassara ce ta shafuka kusan uku na wani littafin Turanci, kuma ba ka ambaci littafin ba sai sau ɗaya a can farkon sashen. Ɗalibai da yawa masu rubutu da Hausa suna ɗauka cewa wahalar fassara tana mayar da magana tasu. Hausar taka ce, babu shakka, amma binciken da hujjojin da tsarin bayanin duk na mai littafin ne. Yadda aka gane kuwa ba wuya: Hausarka a sauran kundin a sake take, a waɗannan shafuka uku sai ta koma dogayen jimloli masu ginin Turanci, da kalmomin da ba ka sake amfani da su a ko'ina ba.

A tsarin APA, fassarar da ka yi da kanka ana ɗaukar ta a matsayin sake faɗar magana, don haka ba a sa mata alamar zance, amma dole a ba da suna da shekara, kuma ni ina so ka ƙara lambar shafi kowane lokaci. Idan ainihin kalmomin suna da muhimmanci, kawo su da Turancinsu a cikin alamar zance, ka biyo da fassararka, ka rubuta cewa fassarar mai bincike ce. Amma ko da madogara, shafi uku daga littafi ɗaya ya yi yawa. Taƙaita su zuwa sakin layi ɗaya ko biyu, ka kawo wani marubucin da ya yi magana a kan wannan ciniki, ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Abin da ake nufi da bitar ayyukan da suka gabata ke nan.

Wata tambaya da za ta taso maka: idan sakin layi gaba ɗaya ya dogara da mutum ɗaya, a kowace jimla za a maimaita sunansa? A'a. Ambace shi a jimlar farko, sannan ka ci gaba da kalmomin da ke nuna har yanzu shi ke magana, irin su "ya ƙara da cewa" ko "a ganinsa". Idan ka shiga sabon sakin layi kana kan maganarsa, sake ambatarsa. Abin da ba a so shi ne suna ɗaya a ƙarshen dogon sakin layi, mai karatu bai san ko jimlar ƙarshe kaɗai ya rufe ko duka ba.

Kuskure na uku: Barth, wanda ba ka karanta ba

A shafi na 17 ka rubuta cewa Barth (1851) ya ƙiyasta mutanen birnin Kano da dubu talatin. Ƙiyasin kansa daidai ne, Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi, ya faɗi 30,000. Shekarar ce ta tona asiri. A 1851 Barth ya shigo Kano, amma littafin tafiye-tafiyensa bai fito ba sai 1857 zuwa 1858, a juzu'i biyar. Wanda ya riƙe littafin a hannu ba zai rubuta 1851 ba. Kuma da aka duba manazartarka babu Barth a ciki sam. Ke nan a wani littafi ka ga maganar, ka tsallake wanda ka karanta, ka jingina ta ga wanda ba ka karanta ba.

Illar wannan ta wuce karya ƙa'ida. Idan wanda ka kwafa ya yi kuskure a adadi ko ya fahimci Barth a karkace, ka gaji kuskurensa, kuma ka ɓoye hanyar da za a gano shi. Mafita biyu ce. Ta farko, wadda na fi so, ka nemo asalin. Littafin ya daɗe da zama na kowa, ana samun sa kyauta a Internet Archive. Karanta babin Kano da kanka, za ka ma amfana, domin Barth ya yi bayani mai yawa a kan saƙa da rini da inda tufafin Kano suke kaiwa, kuma wannan shi ne tsakiyar aikinka. Ka lura da bugun da ka yi amfani da shi, saboda lambobin shafi suna bambanta. Akwai bugun da aka sake yi a 1965 a juzu'i uku. Idan shi ka karanta, shekaru biyun za ka rubuta:

```
(Barth, 1857/1965)
```

sannan ka ƙara juzu'i da shafi kamar yadda ka gan su. Mafita ta biyu, idan asali ya gagara samuwa, ka faɗi gaskiyar hanyar da maganar ta iso gare ka: (Barth, 1857, kamar yadda Wane, 2015, sh. 30, ya kawo). A wannan hali Wane kaɗai zai shiga manazarta, domin shi ka karanta. Babu abin kunya a ciki, sai dai kada ya yi yawa. Na ƙirga wurare bakwai a babi na biyu da nake zargin irin wannan ne, na yi musu alama da jan biro. Kai ka san waɗanda ka karanta da waɗanda ba ka karanta ba.

Shekarar 1498 da maganganun marina

Ka rubuta cewa an kafa karofin Ƙofar Mata a 1498, ba tare da madogara ba. Na san za ka ce kowa ya san haka. Abin da kowa ya sani, wanda ba ya buƙatar madogara, shi ne irin cewa Ƙofar Mata a Kano take, ko cewa da baba ake rinin shuɗi. Takamaimiyar shekara ta ƙarni na goma sha biyar kuwa da'awa ce, kuma yawan maimaita ta a jaridu ba ya mayar da ita hujja. Faɗi inda ka samo ta. Idan daga bakin marinan ka ji, rubuta cewa haka masu sana'ar suke faɗa, wannan ma ilimi ne mai daraja, muddin an kira shi da sunansa. Ma'aunin da za ka riƙa amfani da shi: duk adadi, duk shekara, duk ƙiyasi, da duk jimlar da wani zai iya ce maka "wa ya faɗa?", tana buƙatar madogara.

Babi na uku cike yake da "wani marini ya ce" da "dattawa sun tabbatar". Hirarrakin nan su ne mafi kyawun abin da ke kundinka, amma a yadda suke ba za a iya bambanta su da ƙage ba. APA tana sa ganawar da aka yi da mutum a cikin rubutu kawai, da suna da cikakkiyar rana, ba ta sa ta a manazarta tunda mai karatu ba zai iya nemo ta ba. Sashenmu ya ƙara da cewa a yi jeri na daban a ƙarshe na waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, sana'a, wuri da ranar hira. Koma wayarka, kowane sauti da ka naɗa yana ɗauke da ranarsa. Wanda bai yarda a faɗi sunansa ba, ba shi lamba, kamar Marini na 3, ka bayyana a babin hanyoyin bincike cewa haka ka yi.

Inda abin ya samo asali

Da ka kawo min littafin da kake tara bayanai, na ga tushen duka. A shafi ɗaya akwai jimlar da ka kwafa, da taƙaitawarka, da ra'ayinka, duk da biro ɗaya, babu lambar shafi, wani wurin ma babu sunan littafi. Bayan wata huɗu da ka zo rubutu, kai kanka ba za ka iya tuna wace ce taka ba. Yawancin sakaci da madogara a nan ake haifar sa, tun a ɗakin karatu. Daga yau, kafin ka rubuta komai daga wani littafi, fara rubuta cikakken bayaninsa a saman shafi: marubuci, shekara, take, maɗaba'a. Idan mujalla ce, ƙara kundi da fitowa da shafukan farko da ƙarshe da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, in akwai. Ɗauki hoton bangon ciki da shafin da ke bayansa, inda shekarar bugu take. Sannan kowane bayani ka sa masa harafi a gefe: Z ga zancen da ka kwafa kalma da kalma, tare da alamar zance, T ga abin da ka taƙaita, F ga abin da ka fassara, N ga naka. Uku na farko kowanne da lambar shafinsa.

Yadda za ka yi gyaran, bi da bi

An ba ka mako uku. Ya isa idan ka bi wannan jeri, kuma kada ka fara da manazarta, ita ce ta ƙarshe.

1. Buga babi na biyu da na uku a takarda. Bi su jimla jimla da biro kala biyu: ja ga duk abin da ya fito daga wani, shuɗi ga naka. Jimlar da ka yi shakka a kanta, ja ce har sai ka tabbatar. Wannan zai ci kwana biyu.

2. Kowace jimla mai ja, nemo asalinta ka buɗe shafin da idonka, ka rubuta lambarsa a gefe. Nan ne mafi yawan lokacin zai tafi, ware masa mako guda. Idan ka manta inda ka samo wata jimla, kwafi kalma shida ko bakwai daga cikinta, ka sa su tsakanin alamar zance a Google Scholar ko Google Books. Wadda ka fassaro sai ka mayar da muhimman kalmominta Turanci ka nema. Abin da ka nema ka rasa, cire shi daga kundin komai daɗinsa.

3. Yanke wa kowace hukunci: zance kai tsaye, ko sake faɗa, ko cirewa. Sannan ka sake rubuta wuraren da littafi a rufe, kamar yadda na bayyana a sama.

4. Yanzu ka daidaita madogarar cikin rubutu. Marubuci ɗaya ko biyu ana ambatar su kowane lokaci. Uku ko fiye, sunan na farko kaɗai ake rubutawa a biyo da "da wasu", tun daga ambaton farko. A bugu na shida ba haka ake yi ba, kuma tsoffin kundayen da ka kwaikwaya shi suka bi, shi ya sa naka ya cakuɗe. Idan mutum ɗaya yana da aiki biyu a shekara ɗaya, su zama 2015a da 2015b, a cikin rubutu da kuma manazarta.

5. Gwada rubutu da manazarta ta fuska biyu. Da farko bi kundin daga shafi na ɗaya, duk sunan da ka gani ka duba yana cikin manazarta da shekara iri ɗaya. Sannan ka juya, ka ɗauki kowane suna na manazarta ka neme shi a cikin rubutu da Ctrl+F. A yanzu kana da suna tara a rubutu da babu su a manazarta, da littattafai goma sha ɗaya a manazarta da ba a ambace su ko sau ɗaya ba. Waɗannan goma sha ɗayan suna sa a yi zargin an kwaso jerin ne daga wani kundi don ya yi kauri. Cire su. Ka kula da haruffa masu lanƙwasa wajen nema: idan ka rubuta suna da Ɗ a wani wuri, da D a wani, na'urar za ta ɗauke su suna biyu.

6. Tsara manazartar bisa jerin haruffa. Siffar littafi ita ce wannan, taken a karkataccen rubutu:

```
Wane, A. B. (2015). Taken littafi. Maɗaba'a.
```

Bugu na bakwai ya daina sa sunan garin da aka buga littafi, don haka cire su Zariya da Ibadan da ka sa gaban maɗaba'a. Layi na biyu na kowane shigarwa yana shiga ciki da santimita 1.27. A Word, zaɓi jerin duka, ka shiga Paragraph, ƙarƙashin Special ka zaɓi Hanging, kada ka yi ta danna maɓallin tazara.

Sunayenmu suna buƙatar kulawa ta musamman. Marubuci ɗaya ka shigar da shi sau biyu, sau ɗaya da sunan mahaifinsa, sau ɗaya da sunan garinsu, har ya zama kamar mutum biyu. Bi yadda ya rubuta sunansa a kan aikin da ke hannunka, ka ɗauki na ƙarshe a matsayin wanda za a jera da shi, ko da sunan gari ne, ka tsaya a kansa a ko'ina. Laƙabi irin su Alhaji, Malam, Dakta da Farfesa ba sa shiga. Barin su ba raini ba ne, ƙa'idar jeri ce.

Idan kana da kwamfuta, manhajar Zotero kyauta ce kuma za ta rage maka wahalar mataki na huɗu zuwa na shida: kana shigar da littafi sau ɗaya, tana saka madogara a Word, tana gina manazarta daga abin da ka ambata kawai. Sai dai abin da ka ba ta shi take fitarwa. Bayanan da ake ɗaukowa daga maɓallin Cite na Google Scholar sukan zo da shekara ko suna a karkace, musamman na mujallunmu na gida, don haka gwada kowanne da hoton bangon da ka ɗauka.

Gargaɗi biyu kafin ka sake miƙawa. Kada ka kai kundin shagon kwamfuta a duba maka kamanni. Idan suka ɗora shi a asusun da ke adana takardu a rumbun Turnitin, ranar da sashe ya ɗora nasa zai yi daidai da kansa kusan gaba ɗaya, kuma warware wannan yana cin lokaci. Kawo min, zan duba ta hanyar da ba ta adanawa. Na biyu, duk wanda ya ce zai saukar maka da adadin ta hanyar cusa fararen haruffa tsakanin kalmomi ko musanya haruffa da na wani harshe, ka guje shi. Manhajar tana nuna wa malami irin wannan, kuma daga nan magana ta tashi daga sakaci ta koma ha'inci da gangan, wanda hukuncinsa daban ne.

Game da zama da kwamiti, kada ka tafi da hujjar cewa kowa haka yake yi, kuma kada ka tsaya jayayya a kan kashi nawa. Shirya takarda mai ginshiƙi huɗu: shafin kundi, abin da ke wurin a da, asalin da ya fito da lambar shafinsa, da gyaran da ka yi. Sa wuraren da mai jarrabawa ya nuna, har da shafi na 19 zuwa na 21, ka ƙara da wurare bakwai ɗin nan da waɗanda kai ka gano da kanka. Wannan takarda ita za ta nuna musu ka gane abin da ya faru.

Ka zo ofis ranar Litinin bayan azahar da babi na biyu mai alamar ja da shuɗi, da littafin bayananka, da wayar da hirarrakin suke ciki. Za mu gyara shafi na 14 da na 17 tare, sauran ka ci gaba da kanka, ka riƙa kawo min shafi goma duk bayan kwana uku.

Allah ya taimaka.

Malaminka